Takardar Ƙorafi Kan Saƙonnin Ƙarya da Ake Damfarar Mutanen Sabon Maci da Su

Zuwa ga Mai girma Prefen gundumar Dakoro,
ta hannun shugaban ƙaramar hukumar Sabon Maci,
jihar Maraɗi.



Ranka ya daɗe, mu ne masu shagunan cajin salula da masu aikawa da cirar kuɗi ta waya a garin Sabon Maci da ƙauyukan da ke kewaye da shi, tare da wasu daga cikin ƴan kasuwar hatsi da na dabbobi. Ni da aka ba alƙalami ɗaya ne daga cikinsu. Mun kawo maka kukanmu ne a kan ɓarayin da ke aiko wa mutanenmu saƙonni da sunan banki ko da sunan kamfanin kuɗin waya, suna kwashe musu abin da suka tara. Abin ya yi yawa, kuma gaban teburanmu ake zuwa a yi kukan, domin mu ne fuskar da talaka ya sani a wannan sha'ani.

Ka san yadda rayuwar ƙasar nan take. Da an gama girbi, samarinmu sun kama hanyar cin rani, wasu Maraɗi da Yamai, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu Najeriya, wasu har Aljeriya da Libiya. Abin da suka samu, ta waya suke aiko shi gida, ko ta Airtel Money, ko Moov Money, ko Zamani Cash, ko ta kamfanonin aikawa irin su Nita da Amana. Yawancin masu karɓa ba su taɓa shiga banki ba. Kuɗin hatsinsu, na maganinsu da na bikin ƴaƴansu duk yana cikin ƴar salular da ke ɗaure a gefen zane. Ba mu ɗora wa ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni laifin satar ba, domin su ma sunansu ake ara a yi ɓarna da shi. Ƙorafinmu shi ne an bar tsohuwar da ba ta karanta Faransanci ita kaɗai da aikin rarrabe saƙon gaskiya da na ƙarya, alhali hanyar rarrabewar ba ta da wuya, kuma hukuma na da ikon isar da ita ga kowane gida.

Bari mu ba ka labarin abin da ya faru da wata dattijuwa daga wani ƙauye da ke cin kasuwarmu, domin ka ga yadda suke aikin tun daga farko har ƙarshe. Mun sakaya sunanta saboda mutuncinta.

Ɗanta da ke cin rani ya aiko mata jika 80 don ta sayi hatsi tun yana da araha. Da ma tana da jika 2 da rabi a layin, ya zama jika 82 da rabi. Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, saƙo ya shigo. Jikanta ɗan makaranta ya karanta mata. Saƙon ya fara da `Vous avez reçu`, kamar yadda na gaskiya ke farawa, ya ce an aiko mata 45000, ya kawo wani suna, ya kawo jerin lambobi da baƙaƙe masu kama da shaidar aikawa, ya rufe da cewa abin da ke cikin asusunta yanzu 45000 ne. Yaron bai gama fassara mata ba sai waya ta yi ƙara. Wani mutum ne, da Hausa tsantsa, muryarsa na rawa. Ya ce: “Inna, don girman Allah ki taimake ni. Matata na asibiti tana naƙuda, kuɗin aiki na tashi aikawa sai na kuskure lamba ɗaya suka faɗo wurinki. Ki riƙe jika 5 ki ci goro, ki maido mini jika 40.” Tsohuwa ta tausaya, ta kuma ji tsoron cin haram. Ta ce wa yaro ya mayar wa bawan Allah kuɗinsa. Mutumin ya tsaya a kan wayar yana faɗa wa yaron abin da zai danna, har jika 40 suka fita.

Ba su ƙyale ta nan ba. Can sai ga kira na biyu daga wata lamba dabam. Wannan karon murya ce ta ma'aikaci, yana cakuɗa Hausa da Faransanci, ana jin hayaniyar ofis a bayansa. Ya ce daga kamfani yake, sun lura an yi wata aikawa mai shakku a layinta, wataƙila ɗan damfara ne, amma kada ta damu, za su soke ta yanzun nan in ta ba su haɗin kai. In kuwa ta yi jinkiri, nan da rabin awa za a rufe layin da duk abin da ke ciki. Ya sa yaron ya sake danna lambobi, ya ce masa wannan “lambar sokewa” ce, wannan kuma “lambar tabbatarwa”. Lambar sokewar lambar wayar ɓarawo ce, lambar tabbatarwar kuma 40000 ce, wato adadin kuɗi. Yaro ya sa lambar sirri, wasu jika 40 suka bi sahun na farko. Da ta iso shagon ɗaya daga cikinmu da la'asar don ta ciri na hatsi, abin da ya rage bai kai jika 2 da rabi ba, domin an cire ladan aikawa. Ko dala ba ta taɓa shigo mata daga wancan mutum ba. Nata kuɗin ta aika da hannun jikanta, sau biyu.

Ranka ya daɗe, da wani ya taɓa nuna wa yaron nan abin da ake dubawa, da kuɗin suna nan. Da muka karɓi wayar muka duba, alamar farko tana saman saƙon ƙiri-ƙiri. Saƙon kamfani da sunan kamfani yake zuwa, kuma yana faɗawa ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin da kamfanin ya saba aikowa. Wannan kuwa daga lambar waya ya fito, mai lamba 8 irin ta kowa, kuma yana zaune shi kaɗai, babu wani saƙo a gabansa. Banki ko kamfani ba ya sanar da shigar kuɗi da layin mutum ɗaya. Haka kuma in saƙo ya zo ta WhatsApp da tambarin kamfani a matsayin hoto, hoton ba shaida ba ne, kowa na iya ɗaukarsa ya liƙa. A duba lambar: ta Nijar da +227 take farawa, to me zai sa ofishin da ke Yamai ya yi magana da lambar wata ƙasa? Amma kada a ɗauka ɓarayin duk daga waje suke. Layukan da aka cuci dattijuwar nan da su na gida ne, kuma Hausar mai kiran irin tamu ce.

Alama ta biyu ita ce lissafi, kuma ita muka fi son a koya wa yaran makaranta, domin ba ta buƙatar Faransanci mai zurfi. Saƙon gaskiya yakan faɗi abin da ya shigo, sannan ya faɗi jimillar da ke asusu bayan shigarsa, wurin da aka rubuta `solde`. Kamfani ya san abin da kake da shi tun da farko, saboda haka jimillarsa takan fito daidai. Ɓarawo bai sani ba, sai dai ya yi kirdado. Dattijuwa na da 82500. Da a ce 45000 sun shigo da gaske, jimilla za ta zama 127500. Saƙon kuwa cewa ya yi 45000, kamar asusun babu komai a cikinsa. A nan ƙaryar ta fito fili. Akwai kuma wani cikas da mutanen ofis ba su cika lura da shi ba: mu da dala da jika muke ƙirga kuɗi, allon waya kuwa da sefa yake rubutawa. Tsohuwar da ta san jika 40 sarai ba lalle ta gane 40000 in ta gan shi a rubuce ba, shi ya sa aka iya ce wa jikanta adadin kuɗi “lambar tabbatarwa” ne ya yarda.

Sai dai dole mu faɗa maka iyakar waɗannan alamomi biyu, domin kada a koya wa jama'a rabin magani. Akwai ƙwararrun da ke iya sa sunan kamfani ya fito a saman saƙon ƙarya, har ma ya faɗa cikin jerin saƙonnin gaskiya. Akwai kuma dabarar da ake yi mana mu masu shago: mutum ya zo da fara'a, ya ce cajinsa ya ƙare, a ara masa waya ya kira gida. Cikin minti ɗaya ya adana lambarsa a wayarka da sunan kamfani, ya miƙo maka. In ya aiko saƙo daga baya, sunan kamfani za ka gani. Shi ma lissafi yana iya dacewa, in ɓarawon ya tsaya bayanka a layi ya leƙa allonka, ko ya tambaye ka da wayo nawa ke ciki. Saboda haka gwaji ɗaya ne ba ya kuskure. Mutum ya kashe kiran, ya bar saƙon inda yake, ya danna lambar da ya saba dannawa da kansa ko ya buɗe manhajar kamfanin, ya duba abin da ke asusunsa. In kuɗi sun ƙaru, sun shigo. In ba su ƙaru ba, saƙon rubutu ne kawai, ko da an ƙawata shi da tambari da hatimi. Wannan dubawa ba ta cin minti biyu, kuma saboda ita ne ɓarawo ba ya yarda ka ajiye waya. Zai yi kuka, zai yi rantsuwa, zai yi barazanar rufe layi ko kai ƙara, duk don kada ka samu minti biyun nan.

To, in an duba aka tarar kuɗin sun shigo da gaske fa? Hakan na faruwa, mutane na kuskuren lamba. Ko a nan ba a mayar da kuɗi ga lambar da wani ya karanto ta waya. A ce masa ya kai maganarsa ga kamfanin, su ke da bayanin wanda ya aiko da wanda ya karɓa, su ke da hanyar gyara kuskure. Mai gaskiya zai yi hakan. Wanda ya ce a tura zuwa wata lamba dabam da wadda kuɗin suka fito, wai ta ƙaninsa ce ko ta likita, to ya tona kansa. Muna roƙon malamanmu su fayyace wa jama'a wannan, domin tsoron Allah ne ake amfani da shi a cuce su. Jinkirin da mutum zai yi don ya tabbatar ba cin amana ba ne, kuma haƙƙin mai shi ba ya salwanta saboda an bi ta hannun kamfani.

Maganar lambar sirri ita ce ta fi ci mana rai, don ta nan ake yashe asusu gaba ɗaya. Ƙa'idar a taƙaice take. Karɓar kuɗi ba ta buƙatar lambar sirri. In an aiko maka, sun shigo, ko kana barci. Lambar sirri ana sa ta ne lokacin da kuɗi za su fita, ko lokacin da kai da kanka ka buɗe asusunka don dubawa. Duk wanda ya ce ka sa ta don ka karɓi kyauta, ko tallafi, ko don a soke wata aikawa, fitar da kuɗinka yake so ka yi. Wani lokaci ma wani ɗan akwati ne zai faɗo a allon da kansa yana neman lambar sirri, alhali ba ka nemi komai ba. Wannan alama ce wani ya fara cirar kuɗi da layinka yana jiran amincewarka, sai a soke kawai. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, mu ma masu shago bai kamata mu tambaya ba. Muna sane da cewa tsofaffi da yawa kan miƙo mana waya su faɗi lambar da ƙarfi a gaban jama'a, mun kuwa yi alkawari a tsakaninmu za mu riƙa juya musu allon su danna da kansu, ko ɗansu da suka yarda da shi ya danna.

Ƴar uwar lambar sirri ita ce lambar nan da ke shigowa ta saƙo sau ɗaya, wadda ake tabbatar da mai layi da ita in za a buɗe manhajar kuɗi ko WhatsApp a sabuwar waya. Ta WhatsApp lamba 6 ce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wannan saƙon na gaskiya ne, daga kamfanin ya fito. Ɓarawo ne ya sa lambar wayarka a tasa wayar, kamfani ya aiko maka lambar tabbatarwa, shi kuma ya kira ka ya ce ana sabunta rajistar layuka, ka karanto masa abin da ya shigo in ba ka so a rufe naka. Da ka karanto, asusunka ya koma hannunsa. In WhatsApp ɗinka ya ɗauke, kafin magariba ya rubuta wa ƴan uwanka da ke cin rani da sunanka da hotonka cewa Baba ba shi da lafiya, a turo kuɗi ga wannan lamba. Mun ga gidan da aka yi wa haka, ƴaƴa biyu suka aika kafin ɗayansu ya yi tunanin kiran gida ya ji muryar mahaifinsa. Malaman makaranta da ma'aikatan likita da ke karɓar albashi ta banki su kuma saƙon da ake aiko musu mai ɗauke da adireshin intanet ne, wai a danna a cike lambar kati kafin a toshe asusu. Shawararmu gare su ita ce kada su danna. Su kira lambar da ke bayan katinsu, ko su bari sai sun shiga birni su tambaya a bankin.

Ƴan kasuwar da ke cikin wannan ƙorafi suna da nasu ciwon. Ran kasuwa, lokacin da gari ya cika, rezo yakan yi nauyi, saƙon gaskiya yakan makara. Ɓarayi sun san haka. Mutum zai yi cinikin buhunan wake ko rago, ya ce zai biya ta waya, ya nuna maka allonsa mai cewa kuɗi sun tafi. In ka ce ba ka ga naka saƙon ba, ya ce ai rezo ne, ga mota na shirin tashi. Ko kuma saƙo ya shigo maka daga abokin aikinsa da ke tsaye can gefe. Abin da ke allon mai saye ba shaida ba ne, hoto ne da ake iya gyarawa. Shaidar mai sayarwa tana cikin nasa asusun. Mun daidaita a kan cewa kaya ba za su hau mota ba sai mai su ya duba da kansa ya ga ƙari, in rezo ya ƙi kuma a jira ko a kawo kuɗi hannu. Amma baƙon da aka ce wa haka yakan yi fushi ya ce an maishe shi ɓarawo, shi ya sa muke so maganar ta fito daga bakin hukuma, ta zama dokar kasuwa, ba ra'ayin mai tebur ba.

Yanzu ga inda kukanmu ya fi ƙarfi, wato abin da ke biyo bayan sata. Kuɗin da aka sace ba sa kwana a layin da suka faɗa. Cikin ɗan lokaci ake cire su a wani shago a wani gari, ko a rarraba su zuwa wasu layuka, sannan a kashe wayar. In har akwai damar tsayar da su, a sa'ar farko take. To mutumin ƙauye me zai yi a wannan sa'a? Dattijuwar da muka ba ka labarinta ba ta ma san an cuce ta ba sai da la'asar. Da abokin aikinmu ya kira kamfanin da take amfani da shi, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, sai da ya daɗe yana sauraron na'ura kafin ya samu mutum, aka ce a kawo takardar ƙara daga hukuma. Kafin tsohuwa ta nemi kuɗin mota da ɗan rakiya, ta je ta dawo, magana ta riga ta ƙare. Mutane da yawa in sun auna wahalar da kuɗin hanya sai su ce sun bar wa Allah. Wasu kuma kunya ke hana su, musamman mata da magidanta masu mutunci, kada a ce an yi musu wayo. Saboda haka abin da ke isa ofishinku kaɗan ne ƙwarai a kan abin da muke gani da idonmu.

Dokoki kuwa akwai su. Nijar na da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli 2019 kan hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta na'ura da hanyoyin sadarwa, kuma damfara irin wannan na cikinta. Akwai hukumar ARCEP da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, akwai babban bankin BCEAO da ya shimfiɗa ƙa'idojin kuɗin waya a umarninsa na watan Mayu 2015, akwai kuma hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane. Sannan ba a mallakar layi bisa ƙa'ida sai an yi masa rajista da takardar shaida. Ke nan kowace lamba da aka cuci mutanenmu da ita tana da suna a wani littafi, kowace cirar kuɗi kuma tana da shago da lokaci. Mun san ɓarayi kan yi rajista da katin wani, kuma wannan ma abin bincike ne: wa ya sayar da layin, da katin wa? Mu ba mu da ikon tambayar waɗannan abubuwa. Kai kana da hanyar da za ka isar da su ga masu ikon.

Abin da muke roƙo na farko, kuma mafi sauƙi, yana hannunka kai da shugabannin ƙananan hukumomi da Mai martaba Sarkin Kornaka da masu garuruwa. A sa sanƙira ya yi shela ran kasuwa, a sa gidajen rediyon karkara su maimaita, a roƙi limamai su faɗa ran Juma'a, da Hausa, da Fulatanci da Tamashek saboda makiyayan da ke cin kasuwarmu. Kada shelar ta tsaya ga “a yi hattara”, domin an daɗe ana faɗin haka kuma ba ya nuna wa mutum abin da zai yi. A faɗi aikin kansa: ka kashe kiran, ka duba asusunka da kanka, kada ka faɗa wa kowa lambar sirri ko lambar da ta shigo maka. A kuma ba malaman makaranta izini su ɗauki darasi ɗaya su nuna wa yara saƙon gaskiya da na ƙarya a allo, su yi lissafin jimilla tare, tun da yaran nan su ne masu karanta wa iyaye da kakanni.

Na biyu, muna roƙon a samar mana wurin kai ƙara a nan kusa. A ware mutum ɗaya a ma'aikatar ƙaramar hukuma ko a wurin jami'an tsaro, da lambar wayar da kowa ya sani, wanda zai karɓi ƙorafi nan take ya rubuta lambar da ta aiko saƙo, lambar da aka tura wa kuɗi, adadi, lokaci da lambar shaidar aikawa, ya kuma isar ga kamfanin a ranar. Mu a namu ɓangaren za mu riƙa gaya wa duk wanda abin ya shafa kada ya goge saƙon don haushi, domin shi ne hujjarsa, ya kuma canza lambar sirrinsa tun kafin ya bar gaban tebur. A karɓi mata a keɓe in sun so, ba tare da an tara musu jama'a ba.

Na uku ya wuce gundumar Dakoro, sai dai muna fatan za ka ɗauke shi zuwa ga Gwamnan jihar Maraɗi, daga can ya isa Yamai. Kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. To me zai hana saƙon da ke gaya wa mutum halin kuɗinsa ya zo masa da harshen da yake ji? Muna roƙon hukumomin da ke sa ido su nemi kamfanoni su ba mai layi zaɓin karɓar saƙo da Hausa, kuma kafin kuɗi su fita allon ya faɗa a fili cewa za ka aika wa wane kuɗi kaza, da sunan mai karɓa. Da jikan dattijuwar nan ya ga haka da Hausa, da ya san ba sokewa yake yi ba. Muna kuma roƙon a samar da gajerar lamba ta kyauta don kai rahoton damfara kaɗai, wadda mutum zai amsa ba na'ura ba, da ikon riƙe kuɗin da ake ƙorafi a kansu na ɗan lokaci har a bincika, a kuma rufe layin da ƙorafi ya taru a kansa. Mun sha ganin lamba ɗaya ta cuci mutum a wannan mako, ta sake kiran wani a mako mai zuwa.

Akwai kuma tambayar da jama'a ke yi mana: ina ɓarayin ke samun lambobinsu, har wani lokaci da sunayensu? Wasu dai bi da bi suke dannawa har su dace. Amma littattafan rajistar da ke buɗe a kan teburan shaguna, da jerin sunayen masu karɓar tallafi da ake yawo da su, da rukunonin WhatsApp da ake cusa kowa, duk ƙofofi ne. Mun yarda a duba namu littattafan, a gaya mana yadda za mu tsare su, a kuma binciki masu sayar da layukan da aka riga aka yi wa rajista da sunan wasu. In an samu wani daga cikinmu da hannu a wannan ɓarna, ba za mu kare shi ba.

Ranka ya daɗe, sana'armu a kan amana take tsaye. Tuni wasu magidanta suka fara cewa gara ɗansu ya ba direba kuɗi ya kawo, ko su ɗinke su cikin matashi, da su bar su a waya. Dattijuwar nan kuwa ba ta sayi hatsin ba, kuma ɗanta sai ya sake watanni yana aikin ƙarfi kafin ya mayar da jika 80. Mun adana saƙonnin da lambobin da aka yi amfani da su a kanta da kan wasu, da yardar masu su, kuma a shirye muke mu miƙa su ga duk jami'in da ka turo. Muna roƙonka ka sa a yi shelar farko tun kafin kuɗin cin rani na bana su fara shigowa, ka kuma ba mu rana mu zo Dakoro mu yi maka bayani baki da baki.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
a madadin masu shagunan caji da kuɗin waya da ƴan kasuwar Sabon Maci.